Kayana Suna Isa a Fashe: Me Zan Rubuta wa Hedikwatar Kamfanin Jigila?

Malam, barka da aiki. Ina sayar da kofuna da farantan tangaran ta intanet, kuma kamfanin jigila ɗaya nake ba kayana. A cikin wata uku na aika ƙunshi 46, biyar sun isa a fashe. Huɗu daga cikinsu gari ɗaya mai nisa suka je, alhali ƙunshi tara kacal na aika garin. Biyun farko masu saye sun zubar da kwalayen, ba hoto, sai dai na tura wa manajan reshe saƙon waya a ranar da na biyun ya isa. Ukun ƙarshe ina da hotunansu, kuma ɗaya ne kawai na bayyana darajarsa na biya kuɗin kariya. Na ƙarshen yau kwana shida da isarsa. Da jarida nake naɗe kayan, in sa a kwali, in rubuta "mai fashewa". Duk na mayar wa mutane kuɗinsu. Manaja kullum sai "za mu duba". Ina so in rubuta wa hedikwata su biya ni kuɗin kayan, da na jigila, da asarar kwastomomin da suka gudu. Yaya zan tsara wasiƙar?

Mai sayar da tangaran

Malama, sannu da haƙuri. Kafin ki zauna rubuta doguwar wasiƙa, akwai abin da ba zai jira ba, wato ƙunshin nan na ƙarshe. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki tura wa kamfanin gajeren saƙo a rubuce ta imel ko ta fom ɗin ƙorafi na shafinsu. Ki sa lambar bin sawun ƙunshin, da ranar da ya isa, ki ce ya isa a fashe kuma kina neman diyya, sannan ki haɗa hotuna. Layi huɗu sun isa. Ki kuma kira wanda ya karɓi kayan ki roƙe shi kada ya zubar da komai, ko kwalin, ko jaridar, ko tarkacen kofunan.

Dalilin wannan gaggawa shi ne wa'adi. Kowane kamfanin jigila yana da adadin kwanakin da ya yanka don a sanar da shi lalacewar kaya, kuma yana nan rubuce a cikin sharuɗɗan da ke bayan takardar aika kaya, wadda ake kira webil, ko a shafinsu. Sau da yawa daga ranar da aka miƙa wa mai saye kayan ake soma ƙirga, ba daga ranar da labari ya iso gare ki ba. Don ki ga yadda wa'adin yake da gajarta: kayan da suka tsallaka iyaka ta jirgin sama, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 14 ne a kai ƙorafi a rubuce. Yarjejeniyar CMR ta 1956, wadda ta shafi jigilar mota tsakanin ƙasashen da suka sa mata hannu, kwana 7 ta bayar ga ɓarnar da ba a gani sai an buɗe kwali, ban da Lahadi da ranakun hutu. Kayanki na cikin gida ba waɗannan yarjejeniyoyi ne ke hukunta su ba, sharuɗɗan kamfanin ne da dokar ƙasarku, amma wa'adin da wasu kamfanoni ke sakawa ba ya yin nisa da waɗannan, wani ma ya fi su matsewa. Wanda ke zaune a teburin biyan diyya, abu na farko da yake dubawa kwanan wata ne. Idan wa'adi ya wuce, ba ya buɗe hotunan ma.

Na taɓa yin aiki a irin wannan tebur, shi ya sa zan gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Hedikwata ba ta biyan ɓacin rai, kuma ba ta biyan "kayana suna ta fashewa". Ƙunshi ɗaya-ɗaya take biya, kowanne da lambarsa da fayil ɗinsa. Wasiƙar da ta zo shafi uku tana ba da labarin wulaƙanci, ba lamba ba rana, sashen kula da abokan ciniki ake miƙa wa, su kuma su aiko da amsar ban-haƙuri wadda aka riga aka tsara wa kowa. Saboda haka ki daina kallon lamarin a matsayin matsala guda. Da'awa biyar kike da su, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, sannan akwai magana ta shida, wato maimaituwar abin, wadda aikinta daban.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farkon, da wuya ki sami ko sisi a kansa ta hanyar da'awa. Wa'adi ya shuɗe, ba hoto, ba kwali, kuma ƙorafi da baki wurin manaja ba ya barin sawu. Ki ambace shi a wasiƙar don ya cika lissafi, amma kada ki jingina da shi. Na biyun ya ɗan fi shi numfashi saboda saƙon wayar nan. Ki ɗauki hoton saƙon yadda lambar manajan da kwanan watan za su fito sarai. Hujjarki ita ce kin sanar da ma'aikacin kamfani a rubuce cikin wa'adi, shi ne bai buɗe fayil ba. Suna iya cewa saƙon waya ba ita ce hanyar da sharuɗɗa suka tanada ba, kuma rashin hoto zai ci gaba da cutar da ke, amma a irin wannan ne kamfani kan ce zai mayar da kuɗin jigila don kyautatawa. Ukun ƙarshe su ne ainihin shari'arki, kuma a cikinsu wanda kika bayyana darajarsa shi ne mai nama.

Yanzu ki buɗe hotunan nan uku ki dube su da idon wanda ba ya son biyanki. Ba kofunan zai fara kallo ba, kwalin zai kalla. Idan kusurwar kwalin ta lotsa, ko gefe ɗaya ya murƙushe kamar an ɗora masa nauyi, ko akwai huda, ko alamar jiƙewa, ko sawun takalmi, ko an sake liƙe shi da salatif mai tambarin kamfanin wanda ba ke kika sa ba, to wannan shaida ce cewa abin ya faru a hannunsu. Salatif ɗin nan ma ya fi sauran ƙarfi, domin yana nuna wani ma'aikaci ya ga kwalin ya buɗe ya gyara shi bai rubuta ba. Idan kuwa kwalin ya isa sumul, kusurwoyinsa a tsaye, amma a ciki hannun kofi ya karye, baki ya ɓalle, farantai sun tsage daga gefe, to kayan ne suka riƙa bugun juna a hanya. Wannan a wurinsu sunansa rashin kyakkyawan ɗauri, kuma kusan babu sharuɗɗan jigilar da ba su cire wa kamfani alhakinsa ba. Ita kanta Yarjejeniyar Montreal ta yafe wa mai jigila ɓarnar da ta samo asali daga ɗaurin da wani ya yi ba daidai ba.

A nan ne jaridarki za ta ba ki wahala. Jarida tana hana ƙarcewa, amma ba ta shan bugu. Da an yi tafiyar awa biyu ana jijjiga sai ta kwanta, gurbi ya buɗe, kofi ya sami wurin motsi. Rubutun "mai fashewa" kuma roƙo ne kawai. A manyan cibiyoyin tantance kaya bel ne ke jan ƙunshi yana zubar da shi cikin keji, kuma bel ba ya karatu. Ban faɗi haka don in ce ki haƙura ba. Na faɗa ne don ki san inda za su soke ki, kada ki rubuta "na ɗaure kayana da kyau ƙwarai" a kan ƙunshin da hotonsa ke nuna akasin haka. Inda kwalin ya murƙushe, ki tsaya a kan murƙushewar, ki ce ko da wane irin ɗauri ne ba zai tsira daga wannan ba. Inda kwalin lafiya lau yake, ki faɗi abin da ya faru kawai ki bar su su kawo hujjarsu.

Akwai wani sakin layi a sharuɗɗan da nake so ki nemo kafin ki ɗora alƙalami, wato jerin kayan da kamfani ke ɗauka amma ba ya biyan diyyar fashewarsu. Gilashi da tangaran sukan faɗo cikin wannan jeri a kamfanoni da yawa. Idan tangaran na ciki, da'awarki ta yi rauni sosai, sai dai ƙunshin nan da suka karɓi kuɗin kariya a kansa. A kansa kina da tambaya mai kaifi: ma'aikacinku ya ga an rubuta tangaran a webil, ya karɓi kuɗin kariya, to kariyar me na saya? Ko dai su biya, ko su amsa cewa sun sayar miki da abin da ba ya aiki, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye za ta so ta ji wannan amsa. Idan kuma tangaran ba ya cikin jerin, ki rubuta lambar sakin layin da ya yi maganar diyya ki sa a wasiƙarki. Ma'aikacin da ya ga mai da'awa ta ambaci lambar sakin layi yakan gyara zama.

Sai maganar nawa za ki nema. Abu uku kika lissafa, biyu ne ke da hanya. Darajar kayan ana biya, amma ki lura da wace daraja. Kamfanoni da dama suna biyan ɗan kasuwa abin da ya kashe wajen sayen kayan ne, ba farashin da ya sayar ba. Idan kofin da kike sayarwa 100 kin saro shi 60, to 60 za su ɗora a sikeli, kuma sai da rasit ɗin sari. Ki haɗa duka biyun, rasit ɗin da kika saro da shaidar abin da mai saye ya biya da shaidar kin mayar masa. Ki nemi farashin sayarwa idan sharuɗɗan ba su hana ba, amma ki san inda ƙasan take. Haka kuma idan kofi shida ne a kwali, huɗu suka fashe, biyu suka tsira, kuɗin huɗu za su lissafa, sai fa in kin nuna saiti ne wanda ba ya sayuwa a warwatse. Ki faɗi haka a fili, ki kuma ce a shirye kike su karɓi ragowar.

A saman wannan kuma akwai rufi. Ƙunshin da ba a bayyana darajarsa ba, kamfani yana da iyakar abin da zai biya, ko dai wani adadi tsayayye a kan kowane ƙunshi, ko gwargwadon nauyi, kuma idan darajar kayan ta gaza iyakar, darajar za a biya, wato kullum wanda ya fi ƙanƙanta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na jirgin sama tsakanin ƙasashe, inda iyakar ta koma SDR 26 a kowane kilo tun ƙarshen Disamban 2024. SDR ma'aunin lissafi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma guda ɗaya ya ɗan ɗara dalar Amurka ɗaya. Kwali mai kilo 3 ke nan ba zai wuce SDR 78 ba, ko da zinariya ce a ciki, muddin ba a bayyana daraja an biya ƙari ba. Iyakar kamfanonin cikin gida tana iya yin ƙasa da haka. To ki duba taku, ki lissafa wa ƙunshi biyun da ba su da kariya. Kina iya tarar da cewa abin da za ki samu a kansu bai kai rabin asararki ba. Gara ki sani tun yanzu.

Kuɗin jigila ki neme shi a kan duka biyar ɗin. Shi ne abin da suka fi saurin saki, domin bai fi ƙarfin sa hannun ƙaramin jami'i ba.

Asarar kwastomomi kuwa, cire ta daga lissafin kuɗi. Na san ita ta fi miki ciwo, domin kofi ana sake saro shi, amma wadda ta buɗe kwali ta ga tarkace da wuya ta sake dawowa. Sai dai ribar da aka rasa, da sunan da ya ɓaci, da cinikin da bai zo ba, kusan duk sharuɗɗan jigila suna cire su, kuma ba ki da rasit ɗin da zai nuna nawa ne. Idan kika sa wani babban adadi a kansu, kin ba su abin da za su ƙi cikin sauƙi, sai su ƙi shi a layi ɗaya su haɗa da sauran. Ki ambaci gudun kwastomomin a jimla guda, a matsayin dalilin da ya sa kike tunanin sauya kamfani, ba a matsayin bashi ba.

Abin da ya fi ƙarfi a duk bayaninki, ban tabbata kin lura da shi ba. Biyar cikin 46 kusan kashi 11 cikin ɗari ne, kuma idan kika tsaya a nan za su ce ɗaurinki ne. Amma ki raba shi gida biyu. Garin nan mai nisa, huɗu cikin tara. Sauran wurare gaba ɗaya, ɗaya cikin 37. Hannu ɗaya ne ya ɗaure su, jarida ɗaya, irin kwali ɗaya. Idan ɗauri ne kaɗai matsalar, me ya sa 36 suka isa lafiya? Wannan tambaya ita ce za ta fitar da wasiƙarki daga teburin ban-haƙuri zuwa teburin masu kula da ayyuka. Ki shiga shafin bin sawu, ki sa lambobin nan huɗu, ki kwafe tarihin tafiyar kowanne tun kafin ya ɓace daga shafin, domin ba ya dawwama. Ki duba ko duk sun ratsa cibiya ɗaya, ko sun kwana a wuri ɗaya, ko an miƙa su ga wani ƙaramin kamfani ya ƙarasa da su. Idan suna ɗaya ya maimaitu sau huɗu, ki rubuta shi. Gaskiya dai, doguwar hanya tana nufin ƙarin lodi da saukewa, don haka suna iya cewa hanyar ce ta tona asirin ɗaurin. Duk da haka nauyin bayani ya koma kansu.

Ga yadda zan tsara wasiƙar in da ni ce ke. Ki rubuta ta da harshen da kamfanin ke aiki da shi, kada ta wuce shafi ɗaya da rabi, ki aika wa shugaban sashen da'awa da biyan diyya, ba "duk wanda abin ya shafa" ba.

"Neman diyyar ƙunshi biyar da suka lalace, lambar asusuna [lamba].

Ni 'yar kasuwa ce mai aika kayan tangaran ta reshenku na [suna]. Daga [rana] zuwa [rana] na aika ƙunshi 46, biyar sun isa a lalace. Na sanar da reshe, har yau ba a ba ni lambar da'awa ba.

Ƙunshi mai lamba [lamba], an karɓa ranar [rana], an miƙa ranar [rana]. Kofi shida ne a ciki, huɗu sun fashe. Kwalin ya murƙushe ta gefe ɗaya, kamar yadda hoto na 1 zuwa na 4 suka nuna. Na bayyana darajarsa [adadi], na biya kuɗin kariya, rasit yana haɗe. Na sanar a rubuce ranar [rana]. Ina neman [adadi] bisa sakin layi na [lamba] na sharuɗɗanku, tare da kuɗin jigila [adadi]."

Haka za ki yi wa kowanne, sakin layi guda, kalmomi iri ɗaya, ki fara da mafi ƙarfi ki ƙare da mafi rauni. A kan na farkon nan ki faɗi gaskiya, ki ce ba ki da hoto, kina neman kuɗin jigila kawai. Wannan gaskiyar tana ƙara wa sauran daraja. Sannan ki ci gaba:

"Huɗu daga cikin biyar ɗin sun je [gari], inda na aika tara kacal, kuma dukkansu sun ratsa cibiyarku ta [suna]. A sauran hanyoyi ɗaya ne ya lalace cikin 37, da ɗauri iri ɗaya. Ina roƙon a binciki wannan hanya a sanar da ni sakamako a rubuce.

Jimillar abin da nake nema [adadi] ne. Ina roƙon a ba ni lambar da'awa ga kowane ƙunshi, a kuma ba ni amsa a rubuce cikin kwana 14. Idan an ƙi wata da'awa, a nuna mini sakin layin da aka dogara da shi. Kwalaye da ragowar kayan ƙunshi uku suna ajiye don dubawarku. Idan wa'adin ya cika ban ji komai ba, zan kai maganar gaban hukumar da ke sa ido kan kamfanonin aika saƙo da hukumar kare haƙƙin masu saye."

Shi ke nan. Ba zagi, ba "kun cuce ni", ba barazanar tona su a kafafen sada zumunta. Barazanar da ba ki shirya cikawa ba kada ki rubuta ta, kuma kalmar lauya tun a wasiƙar farko takan sa a tura fayil sashen shari'a, inda komai ke tafiyar hawainiya. Sunan manajan ma ba sai kin sa shi a matsayin mai laifi ba. Ki ce "na sanar da reshe ranar kaza", hoton saƙon zai yi sauran maganar. Gobe ma kina iya buƙatar mutumin nan.

Jimlar nan ta cewa kayan suna ajiye, kada ki rubuta ta sai kin tabbatar. Ki kira mutum ukun ki ji ko kwalayen na nan. Idan za su yarda, ki nemi kowannensu ya turo miki layi biyu cewa ranar kaza ya karɓi ƙunshi mai lamba kaza a fashe. Ki tambaye su kuma ko sun sa hannu ba tare da sun ce komai ba, domin kamfani zai fito da wannan sa hannun ya ce an karɓa lafiya. Sa hannu ba ya kashe da'awar ɓarnar da ke ɓoye a cikin kwali, shi ya sa ma aka ba da wa'adin kwanaki, amma idan kwalin a murƙushe ya zo kuma ba wanda ya rubuta haka a takardar ɗan aike, za a tambayi dalili. Daga yau ki riƙa gaya wa masu saye su ɗauki hoton kwali kafin su yanke salatif, in ya lotsa su sa ɗan aike ya rubuta.

Ki aika wasiƙar ta hanya biyu: imel, da kuma takarda wadda za a buga wa kwafinki hatimin karɓa ko a sa hannu a kai. Hotuna ki sa musu lamba, kowanne da lambar ƙunshinsa, kuma a cikin na kowane ƙunshi a sami wanda ke nuna takardar da aka manna a kwali har lambar ta karantu. Hoton fasasshen kofi a kan tebur, ba kwali ba lamba, na kowa ne. Takardun asali su zauna a hannunki. Idan kamfanin yana da fom na musamman, ki cike shi ga kowane ƙunshi ko da kin rubuta wasiƙa, domin wasu ba sa buɗe fayil sai da shi. Idan kuma akwai kuɗin jigilar da suke binki, ki biya, kada ki ce za ki cire diyyarki daga ciki. Sharuɗɗa da yawa sun ce ba a duba da'awar wanda bai biya kuɗin jigila ba.

Amsar da nake zato ita ce za su biya mai kariyar, wataƙila a farashin sari, su biya iyakar da aka yanka a kan ɗaya ko biyu, su mayar da kuɗin jigilar wasu, su ƙi na farkon. Tayin zai iya zuwa da takardar da ke cewa karɓarsa ya rufe duk wata magana. Ki karanta ki ga lambobin ƙunshi nawa aka rubuta a cikinta, kada ki sa hannu a kan biyar alhali kuɗin ɗaya aka ba ki. Suna kuma iya cewa za su zuba miki kuɗin a asusunki na jigila maimakon su ba ki a hannu. Wannan yana da amfani ne kawai idan kin yanke shawarar ci gaba da su. Idan suka ƙi da hujjar ɗauri a kan kwalin da ya murƙushe, ki mayar da amsa sau ɗaya, ki nuna hoton, ki nemi rahoton binciken da suka yi, sannan ki wuce hukuma. Kotun ƙananan da'awa, inda ake da ita, tana nan a ƙarshe, amma ki auna kuɗin da rufin nan ya bar miki da kwanakin da za ki kashe.

Kafin amsa ta zo, akwai ƙunshi na 47 da za ki aika. Jaridar ta koma cike gurbi kawai. Kowane kofi ki cusa masa takarda a ciki, ki naɗe hannunsa daban, sannan ki naɗe shi duka da ledar nan mai ƙurajen iska, ninki biyu ko uku. Tsakanin kofi da kofi a sami katangar kwali. Farantai a tsaye ake jera su a kan gefensu, da abin tsakani, ba a kwance ɗaya bisa ɗaya ba. Kwalin ya zama sabo mai bango biyu, kuma tsakanin kaya da bangon kwali ta kowace fuska, har sama da ƙasa, a sami abin shan bugu mai kaurin santimita 5, wanda shi ne ma'aunin da manyan kamfanonin jigila ke bayarwa a jagororinsu. Na garin nan mai nisa ki sa ƙaramin kwali cikin babba. Ki liƙe tsakiya da gefuna biyu, sama da ƙasa, da salatif mai faɗi. Ki ɗaga ki girgiza kusa da kunnenki, in kin ji motsi ko kaɗan ki buɗe ki ƙara. Kafin ki rufe ki ɗauki hoton cikin, bayan kin rufe ki ɗauki na waje a kan kantar kamfanin da lambar a jiki, ki rubuta "tangaran" a webil, ki bayyana daraja, kuɗin kariyar kuma ki ɗora shi a kan kuɗin aike. Ƙunshi biyu ko uku na gaba da za su je garin nan, ki ba wani kamfanin da irin wannan ɗauri, ki rubuta yadda suka isa.